Yadda ake sauƙaƙa takardar sharuɗɗan rance ba tare da an taɓa ma'anarta ba

Ina aiki a wani ƙaramin banki mai ba da rance. Takardar sharuɗɗanmu shafi tara ce, mutane sa hannu kawai suke yi, sai an cire musu kuɗi su dawo da faɗa. Manaja ya ce in sake rubuta ta yadda kowa zai gane. Ta ina zan fara?

Malama, kada ki fara da shafin farko. Ki fara da littafin ƙorafi, ko ki zauna da waɗanda ke karɓar kwastomomi a kanta ki tambaye su abin da ya fi kawo rigima. Kusan ko'ina amsar ba ta wuce abu huɗu: nawa zan karɓa a hannu, nawa zan biya gaba ɗaya, me zai faru idan na makara, sannan me banki ke da ikon yi mini ba tare da ya sake neman izinina ba. Lauyan da ya tsara takardar ya jera ta ne bisa tsarin aikinsa, ma'anar kalmomi a gaba, tara da ikon cire kuɗi can wajen shafi na bakwai. Ke kuma za ki jera ta bisa tsarin damuwar mai karɓar rance, abin da ya shafi aljihunsa shi ne a sama.

Daga nan sai ki ɗauki tsohuwar takardar ki bi ta sakin layi bayan sakin layi, kina rubuta a gefe: wa zai yi, me zai yi, yaushe, idan bai yi ba me zai biyo baya. Duk sakin layin da kika kasa cike masa waɗannan gurabe, ki kai wa lauyan ya fayyace miki. Sau da yawa a nan ake gano cewa su kansu ma'aikatan ba su yi ittifaƙi a kan abin da wani sharaɗi yake nufi ba, kuma ba yadda za a yi ki sauƙaƙa abin da gidan bai tsayar da magana a kansa ba.

Za a iya nuna mini da misali?

Mu ɗauki rancen naira 120,000 na wata shida. Takardar ta ce kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari ne a wata "a kan ainihin adadin da aka amince da shi", kuma akwai kuɗin gudanarwa kashi 1 cikin ɗari "da za a cire tun daga tushe". Babu ƙarya a ciki, amma mai sayar da atamfa a kasuwar Kantin Kwari da ya ji "kashi biyar" zai ɗauka abin da zai ɗora a kai bai wuce dubu shida ba.

Ga yadda zan rubuta shi: "Za mu ba ka rancen naira 120,000. Za mu cire naira 1,200 kuɗin gudanarwa, don haka naira 118,800 ce za ta shiga asusunka. Za ka riƙa biyan naira 26,000 ranar 28 ga kowane wata, har wata shida. Jimillar abin da za ka biya naira 156,000 ce, naira 36,000 a ciki kuɗin ruwa ne."

Ki lura da abin da ya faru. Ba a rage komai ba, lissafin da aka bar wa kwastoma ne aka yi masa. Akwai kuma wani abu da ke ɓoye a cikin "ainihin adadin da aka amince da shi". Ma'anarsa, kowane wata ana lissafa kuɗin ruwan a kan naira 120,000 ɗin farko, ko da mutum ya riga ya biya rabi. Da a kan abin da ya rage ake lissafawa, yana sauke dubu ashirin na uwar kuɗi duk wata, da kuɗin ruwan ya fara daga 6,000, ya sauko 5,000, 4,000, har zuwa 1,000 a watan ƙarshe, jimilla naira 21,000. Bambancin naira 15,000 ne, alhali duka biyun "kashi biyar a wata" ake kiransu. Saboda haka sabuwar takarda sai ta faɗa da baki: "Kuɗin ruwan ba ya raguwa yayin da kake biya." Ina sane da cewa masu tallata rancen ba za su so wannan jimlar ba, amma ita ce ke hana hayaniya a wata na huɗu.

Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, su ma aikin bai ƙyale su ba. A cinikin murabaha abin da mai saye yake buƙatar gani a lamba shi ne farashin da banki ya sayi kayan, ribar da ya ɗora, da abin da zai riƙa biya duk wata.

Wane sharaɗi ne ya fi wuyar sauƙaƙawa?

Sharaɗin makara, domin galibi sharuɗɗa uku ne aka cusa a jimla ɗaya mai tsawon layi goma. Na farko tara. Na biyu ikon da banki yake da shi na neman dukan sauran bashin nan take idan aka saɓa. Na uku ikon cire kuɗi daga wasu asusun mutum. Ki raba su, kowanne da kansa, ki sa masa kai mai siffar tambaya, kamar "Me zai faru idan na makara?"

Tarar ba ta da wuya. Jadawalin cajin da Babban Bankin Najeriya ya fitar, wanda ya fara aiki a farkon 2020, ya ƙayyade ta a kashi 1 cikin ɗari a wata a kan abin da ba a biya ba, ban da kuɗin ruwan da ke tafiya. A misalinmu, idan kason wata guda ne ya makara, tarar naira 260 ce. Ki rubuta lambar.

Na ukun ne ya fi girgiza mutane. Tun 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin da ake kira GSI, wanda idan mai karɓar rance ya sa masa hannu, banki zai iya bin lambar BVN ɗinsa ya ciro bashin da ya wuce wa'adi daga asusunsa na wasu bankuna. A tsohuwar takarda wannan yakan zo a lulluɓe, da kalaman ba da umarni wanda ba a janyewa. A sabuwa sai ki ce: "Idan ba ka biya ba, za mu iya cire abin da muke binka daga asusunka na wasu bankuna, ba sai mun sake neman izininka ba." Ki ƙara da iyakar da ƙa'idar ta gindaya, wato uwar kuɗi da kuɗin ruwan da ya taru kawai ake cirewa ta wannan hanya, ban da tara. Takardar da ta faɗi ikon banki ta yi shiru a kan iyakarsa ba ta yi wa mai karatu adalci ba.

Ina tsoron kada garin sauƙaƙawa in canza abin da doka za ta kama mu da shi.

Tsoron yana da tushe, kuma wurare uku ne aka fi zamewa. Akwai bambanci tsakanin "za mu cire" da "za mu iya cirewa": na farko alkawari ne, na biyu zaɓi ne da banki ya riƙe. Akwai togaciya, irin "sai dai idan", wadda mai gaggawa yakan yar da ita don jimla ta gajarta, alhali wani lokaci ita ce kariyar kwastoma. Sai kuma wa'adi, inda kwana bakwai na aiki ba ɗaya suke da mako guda ba.

Wani abin kuma, idan kika kira abu da suna ɗaya, ki riƙe shi har ƙarshe. A makaranta an koya mana sauya kalma don kada rubutu ya gundura, amma a yarjejeniya in kika ce "tara" a nan, "caji" a can, "ƙarin kuɗi" a gaba, mai karatu zai ɗauka kuɗi uku ne. Kotu kuma ta saba fassara magana mai harshen damo a kan wanda ya tsara ta, wato bankinku.

Idan kin gama, ki yi jadawali mai gida biyu, tsohon sakin layi a hagu, sabo a dama, lauya ya bi ɗaya bayan ɗaya ya sa hannu. Sannan ku yanke shawara: sabuwar takardar ita ce yarjejeniyar, ko taƙaitawa ce da ke gaban cikakkiya? In taƙaitawa ce, a rubuta haka a samanta. Ni na fi son ta zama ita ce yarjejeniyar, don takardu biyu kan saɓa wa juna da zarar an gyara ɗaya an manta da ɗayar.

Doka ta tilasta wannan ne, ko kyautatawa ce kawai?

Ta tilasta. Sashe na 114 na dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ya ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙi. Ma'aunin da ya sa shi ne mutum mai matsakaicin karatu, wanda bai saba da irin hajar ba, ya fahimci abin da aka rubuta da abin da zai jawo masa ba tare da wahalar da ta wuce kima ba. Dokar ta kuma buƙaci a jawo hankalin mutum a fili zuwa ga sharuɗɗan da ke rage alhakin kamfani kafin ya amince. Ƙa'idojin kare kwastoma da Babban Banki ya fitar a 2019 su ma sun ɗora wa bankuna bayyana sharuɗɗa da caji kafin a ƙulla yarjejeniya.

Da yawa cikin kwastomominmu ba sa karanta Turanci, wasu ko boko ba su yi ba. Ta yaya zan tabbatar sun gane?

Ki fara sauƙaƙa Turancin, sannan a mayar da shi Hausa. In aka fassara mai sarƙaƙiyar kai tsaye, Hausa mai sarƙaƙiya za a samu. Wanda ba ya karatu kuma a karanta masa, kuma a jihohi da dama akwai dokar kare marasa karatu da ke buƙatar wanda ya rubuta takardar ya sa sunansa da adireshinsa, a matsayin shaidar cewa an karanta wa mutumin an yi masa bayani kafin ya dangwala yatsa. Ku naɗi karatun a murya ku tura masa ta waya, ya saurara a gida tare da wanda ya yarda da shi.

Gwajin kuwa, kada ki tambayi kowa "kin gane?", don kunya za ta sa a ce miki e. Ki samu mutum biyar ko shida irin masu zuwa bankin, ki ba su takardar, ki tambaye su: nawa zai shiga asusunka? In ka makara wata guda, nawa za a ƙara? Za a iya taɓa kuɗinki na wani banki? Duk tambayar da mutum biyu suka amsa ba daidai ba, ki koma wa wannan sakin layin ki sake shi, ki gwada da wasu mutanen daban, domin na farko sun riga sun san amsar.