Bidiyon koyar da gwajin maleriya: ina za a kafa waya, ina za a yanka?

Ina kula da ƙananan asibitoci a Kumo, jihar Gombe. Mun ɗauki bidiyon gwajin maleriya na gaggawa, wato RDT, da waya don sabbin ma'aikata, amma suna kallo kuma suna kuskure. Ina matsalar take?

Hajiya, fara duba inda mai ɗauka ya tsaya. Yawancin mutane gaban mai aikin suke tsayawa, sai fuskarta ta cika hoton, hannayenta kuma su koma can ƙasa. Ga shi daga gaba komai a juye yake, hannun damanta ya zama hagun mai kallo. A kafa wayar ta bayan kafaɗarta, sama kaɗan, tana kallon tebur, yadda sabuwar ma'aikaciya za ta ga abin kamar hannunta ne ke yi. Kada a riƙe wayar a hannu. In babu abin kafa ta, a ɗaure ta jikin sandar rataya ƙarin ruwa.

Kaset ɗin gwajin, wato 'yar robar da ake zuba jinin a ciki, fari ne, idan aka ɗora shi kan farin tebur haske zai haɗiye shi, ramukansa ba za su fito ba. A shimfiɗa kyalle shuɗi ko kore mai duhu, a sa tebur kusa da taga yadda haske zai zo ta gefe. Sannan a danna allon wayar kan kaset ɗin, a riƙe har ya kulle, don kada hoto ya dinga dushewa duk lokacin da hannu ya gifta.

Mu ɗauke shi a tashi ɗaya ne ko gunduwa-gunduwa?

Gunduwa-gunduwa, kowane mataki da nasa. A ɗauko takardar da ke cikin kwalin gwajin da asibitocinku ke amfani da shi, a bi ta layi-layi, domin yawan ɗigon ruwan gwaji da mintunan jira sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Duba ranar lalacewa ɗauka ɗaya ce, sa safar hannu ɗaya, goge yatsa da sifirit ɗaya, haka har ƙarshe. A bar daƙiƙa 3 hannu na tsaye kafin kowane mataki da bayansa.

Inda ake yanka shi ne inda ake ɓata mutane. Bayan an goge yatsa dole a bar sifirit ya bushe kafin a huda. Mai haɗa bidiyo yana ganin wannan jiran ɓata lokaci ne, sai ya cire shi, mai koyo kuwa ta ɗauka ana gogewa ana hudawa. Ku bar shi yadda yake. Haka jefa allurar hudawa cikin akwatin allurai, a gan shi nan take bayan hudar, ba a yanka ba.

Zuba jini da ɗiga ruwa su ne suke buƙatar kusanci. Waya ba ta iya kama abin da ya matso ta sosai, don haka a ja baya kamar taƙi ɗaya na hannu, a jawo hoton ninki 2. Dole a ga ramin da jini ya shiga, a ga kwalbar ruwan a tsaye cak, a kuma iya ƙirga ɗigon ɗaya bayan ɗaya da ido.

Jiran sakamako, minti 15 ko 20 gwargwadon abin da takardar ta ce, shi ba za a nuna shi duka ba. A nuna agogo lokacin da aka ɗiga ruwan, a nuna ana rubuta lokacin, a sake nuna agogon kafin a karanta. Sai a jera sakamako kusa-kusa: layi a harafin C na jikin kaset kaɗai, wato babu maleriya, layi a C da T, wato akwai, da wanda C bai fito ba, wato gwajin ya lalace sai an sake. A nemo kuma wanda layin T ɗinsa ya yi dishi-dishi, domin shi ne ake yawan cewa babu maleriya alhali akwai.

Murya fa? Janareta ba ya barin mu.

A ɗauki hoton ba magana, a naɗi muryar daga baya a ɗaki mai shiru, an kashe fanka. Umarni gajere, yana faɗuwa daidai lokacin da hannu ke yin abin. Sunan majiyyaci kada ya fito a kaset ko rajista, wanda za a huda yatsarsa kuma a nemi yardarsa.

Ta yaya zan san ya yi kafin in tura?

Ba wa wadda ba ta taɓa yin gwajin ba wayar da kayan aiki, ki zauna gefe ki yi shiru. Duk inda ta mayar da bidiyon baya ko ta ɗago ta dube ki, a sake ɗaukar wurin. Ki kuma duba shi a ƙaramar waya bayan ya bi ta WhatsApp, saboda matse bidiyon da yake yi na iya goge layin nan mai dishi-dishi. In ya ɓace, a tura shi ta Document.