Sigogin baki a jikin ƙwari

Bakin ƙwaro haɗin gaɓoɓi ne da ke gaban kansa: leɓen sama, muƙamuƙai biyu na gaba, biyu na baya, leɓen ƙasa, da wata tsoka a tsakiya wadda yawu ke fitowa ta wajenta. A shekarar 1816 masanin dabbobi ɗan ƙasar Faransa, Savigny, ya nuna cewa waɗannan gaɓoɓi su ne dai a kusan dukkan ƙwari, siga ce kawai ta bambanta. Sigar ce ke fayyace irin ɓarnar da ƙwaro zai yi da kuma ko zai iya yaɗa cuta.

Bakin tauna

Wannan ita ce sigar asali, kuma ita ce sigar bakin fara, kyankyaso, gara da tsutsotsin malam-buɗe-littafi. Muƙamuƙan suna motsi daga gefe zuwa gefe, suna yanka ganye ko ƙwayar hatsi. Ɓarnar a fili take: huji a ganye, gefen da aka gaigaye, kashin tsutsa a kan shuka. Farar hamada takan ci kusan nauyin jikinta a rana, wato wajen giram 2. Masu tauna ba su cika yaɗa cuta ba, ko da yake wasu buzuzu na ɗaukar cututtukan tsirrai. Tun da haɗiye ganyen suke yi, maganin da aka fesa a kansa yana isa cikinsu.

Bakin huda da tsotso

A macen sauro, gaɓoɓi shida sun siranta sun zama allurai, leɓen ƙasa kuwa ya zama kube da ke rufe su. Idan ta sauka a fata, kuben yakan lanƙwashe ya tsaya a waje. Muƙamuƙan baya, masu ƙananan haƙora a kai, su ke yanka hanya. Jini na hawa ta kafar leɓen sama, yawu kuma na sauka ta wata kafa dabam, ɗauke da sinadarin da ke hana jini daskarewa. Ƙaiƙayin da ke biyo bayan cizo daga wannan yawu yake.

Rabuwar kafofin nan biyu ita ce ke bayyana yadda maleriya ke yaɗuwa. Ƙwayar cutar na shiga cikin sauron tare da jinin majinyaci, ta ratsa bangon hanjinsa, ta hayayyafa, sannan ta yi ƙaura zuwa inda ake sarrafa yawu. Tafiyar kan ɗauki wajen kwana 10 zuwa 14, gwargwadon zafin wuri, kuma kafin ta kammala sauron ba ya harbar kowa da cutar. Likita ɗan Birtaniya, Ronald Ross, ya ga ƙwayar a hanjin sauro a Indiya a 1897, a 1898 kuma ya bi sawunta har zuwa yawu ta hanyar nazarin maleriyar tsuntsaye. Rabuwar kafofin ce kuma ta sa sauro ba ya yaɗa ƙanjamau. Jinin da ya sha ba ya komawa jikin wanda zai ciza na gaba, ƙwayar ƙanjamau kuwa narkewa take yi a cikinsa ba ta kai ga yawu ba. Kuɗin cizo yana da bakin tsotso, amma ba a tabbatar yana yaɗa wata cuta tsakanin mutane ba.

A tsirrai, darɓa da farin ƙuda suna da allurai huɗu da suke zurawa tsakanin ƙwayoyin halittar ganye har su kai jijiyar da ke ɗauke da ruwan zaƙi. Ba a ganin huji. Abin da ake gani shi ne ganye ya naɗe ko ya yi ɗorawa, da danƙo a kansa wanda baƙar funfuna ke hawa. Darɓa ke yaɗa kuturtar gyaɗa, farin ƙuda kuma cutar da ke dabbare ganyen rogo. Gubar da sai an ci take aiki ba ta taɓa su, sai maganin da ke kashe su da taɓa jiki ko wanda ke ratsa ruwan shuka. Shi ma yakan makara, domin wasu cututtukan cikin daƙiƙoƙi darɓa ke dasa su, tun tana ɗanɗana ganyen.

Bakin soso

Ƙudan gida ba shi da muƙamuƙan gaba, don haka ba ya cizo. Ƙarshen leɓensa na ƙasa ya faɗaɗa ya zama tsoka biyu masu ƙananan kwararo da ke jan ruwa. Idan abincin busasshe ne, sai ya zuba masa yawu ko ya amayo abin da ke cikinsa, ya narkar, ya shanye. Ta wannan amai, da kashinsa da gashin ƙafafunsa, yake kwaso ƙwayoyin atuni, taifot da kwalara daga bayan gida zuwa abinci. Cutar ba ta bukatar girma a jikinsa, shi ya sa zai iya gurɓata abinci da saukarsa. Wani ɗan uwansa mai bin hawaye da majina yana taimakawa wajen yaɗa amosanin ido.

Ƙudan tsando dangin ƙudan gida ne, amma leɓensa ya taurara ya zama abin huda. Namiji da mace duka suna shan jini, suna yaɗa ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu.