Hucewar kofin shayi bisa dokar Newton

Hucewar kofin shayi misali ne da aka saba fara koyar da ikweshan difarenshiyal da shi, wato ikweshan da ke faɗin saurin canjin abu maimakon faɗin abin kansa. An gina misalin a kan dokar hucewa ta Isaac Newton, wadda ta ce saurin da abu mai zafi ke hucewa ya danganta ne da ratar da ke tsakanin zafinsa da zafin wurin da yake. Newton ya fitar da wannan ra'ayi a shekarar 1701, cikin wata gajeriyar takarda da Latananci a mujallar Royal Society ta Landan, ba tare da ya sa sunansa ba. Ba shayi ya gwada ba, ƙarfe ne da aka gasa ya yi ja, yana neman hanyar ƙiyasta zafin da ya fi ƙarfin ma'aunin zafinsa mai aiki da mai. A cikin ikweshan ɗin akwai lamba guda tsayayya, k, wadda ba a samunta a kowane littafi, domin kowane kofi da tasa. Ana fitar da ita ne daga awo biyu na zafin shayin, muddin an san zafin ɗakin.

## Ikweshan ɗin da warwararsa

A ce T shi ne zafin shayi, A zafin ɗaki, t kuma lokaci da mintuna. Dokar a rubuce ita ce:

dT/dt = −k(T − A)

Ɓangaren hagu shi ne digiri nawa zafin ke canzawa a minti guda. Alamar debewa da ke gaban k tana nuna cewa in shayi ya fi ɗaki zafi, zafinsa sauka yake yi. Ikweshan ɗin bai damu da zafin shayin shi kaɗai ba, ratar kawai yake kallo. Saboda haka ya fi sauƙi a ba ratar suna, D = T − A. Tunda an ɗauka zafin ɗaki ba ya motsi, canjin D daidai yake da canjin T, sai ikweshan ya koma dD/dt = −kD. In aka raba D gefe guda, t gefe guda, aka yi intagireshan, za a sami ln D = −kt + C, inda ln ke nufin logaritim mai tushe e. A farkon awo t sifiri ne, don haka C shi ne logaritim ɗin ratar farko. In T₀ ne zafin shayi a awon farko, warwarar ta zama:

T(t) = A + (T₀ − A)e^(−kt)

Ma'anar wannan da baki ita ce, a kowane tsawon lokaci iri ɗaya, ratar tana raguwa da kaso iri ɗaya, ba da adadin digiri iri ɗaya ba. Wanda ya riƙe wannan jimla zai iya yin rabin lissafin da ka.

## Fitar da k daga awo biyu

A ɗauki kofin shayi a ɗakin da zafinsa digiri 25 ne a ma'aunin Salshiyas. An tsoma ma'aunin zafi an ga 85, aka kunna agogo. Bayan minti 5 aka sake dubawa, ya sauko 70. Ratar farko 60 ce, ta biyu 45. Sai a zuba su cikin warwarar: 45 = 60e^(−5k). A raba da 60, a sami e^(−5k) = 0.75. A ɗauki logaritim na ɓangarorin biyu, sai k = ln(60/45)/5. Logaritim ɗin 60/45 kusan 0.2877 ne, don haka k ta kama 0.0575 a minti. Ga kowane awo biyu da aka ɗauka a lokutan t₁ da t₂, ƙa'idar ita ce:

k = ln[(T₁ − A)/(T₂ − A)] / (t₂ − t₁)

Abin lura shi ne tazarar lokacin kawai ta shiga lissafin. Ba sai an san yaushe aka zuba shayin ba, ko ya daɗe a ajiye kafin awon farko. Haka kuma ko da Faranhait aka auna, k ba za ta canza ba, tunda rata ake rabawa da rata. Amma in aka sauya mintuna zuwa sakan, sai an raba k da 60.

Da k ta samu, sauran tambayoyi sun zo da sauƙi. Tunda ratar tana komawa kashi uku cikin huɗu duk minti 5, a minti 10 za ta zama 33.75, wato shayin yana digiri 58.75. A minti 15 yana kusan 50.3, a minti 20 kuma 44. Wanda ke son sanin lokacin da zai sauko 60 ya fara kurɓa, sai ya juya ƙa'idar: rata 35 yake nema, t = ln(60/35)/0.0575, wato minti 9.4, ko a ce minti tara da kusan rabi. Ratar tana rabewa biyu duk bayan ln 2/k, kusan minti 12: daga 60 zuwa 30, daga 30 zuwa 15. Shi ya sa shayi ke barin ƙuna da wuri amma yake daɗewa da ɗumi. Digiri 15 na farko sun tafi cikin minti 5, amma kafin ya rage saura digiri ɗaya ya yi daidai da ɗaki sai an haura minti 70. A takarda ba ya taɓa kaiwa 25 cif, ko da yake ma'aunin zafin kicin zai daina ganin bambancin tun da daɗewa.

## Inda lissafin ke karkacewa

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne mantawa da debe zafin ɗaki, su raba 85 da 70 kai tsaye. Wannan yana ba da k ta 0.0388, kuma yana nufin shayin ya nufi digiri sifiri a ɗakin da ke 25. Ɗayan kuskuren shi ne a ce tunda digiri 15 sun tafi a minti 5, to digiri 3 ne kowane minti har abada, wanda zai sa shayin ya daskare kafin rabin awa. Duka biyun ana gane su ta hanyar tambayar inda amsar za ta tsaya in lokaci ya yi nisa. In ba a kan A ta tsaya ba, an kauce.

Wanda ya fi wuyar gani shi ne kuskuren awon kansa. A misalin nan, da awo na biyu ya nuna 71 maimakon 70, k za ta zama 0.0531, da 69 ne kuma 0.0620. Digiri ɗaya ya motsa ta da kusan kashi 8 cikin ɗari, abin da za a iya haƙuri da shi. To amma a ce mai awo ya yi gaggawa ya ɗauki na biyun bayan minti ɗaya kacal. Zafin gaskiya a lokacin kusan 81.6 ne. In ma'aunin ya nuna 82, k za ta fito 0.051, in ya nuna 81 kuma 0.069. Gaggawar ta sa lambar ta zama kusan canki-canka. Jinkiri da yawa ma matsala ne, domin in ratar ta ragu zuwa digiri 3 ko 4, kuskuren digiri ɗaya, ko a shayin ko a ɗakin, ya zama babban kaso nata. Tazarar da ta fi dacewa ita ce wadda ratar ta ragu sosai amma da sauranta, misali ta koma rabi ko sulusi. Ana kuma juya shayin kafin kowane awo, a jira lambar ma'aunin ta natsu, kada bakinsa ya taɓa gindin kofin.

Zafin ɗaki ma awo ne, a gaskiya dai awo uku ake yi ana kiransu biyu. In ɗakin 30 ne aka ɗauka 25, k ta gaskiya 0.0637 ce, kuma hasashen minti 30 zai ce 35.7 alhali 38.1 ne. Idan ba a san A ba sam, awo biyu ba su isa ba. Sai an ƙara na uku da tazara iri ɗaya, a yi amfani da A = (T₀T₂ − T₁²)/(T₀ + T₂ − 2T₁). Da 85, 70 da 58.75 wannan yana dawo da 25 daidai. Sai dai in aka karanta na ukun a matsayin 59, amsar ta tsallaka zuwa 28.75. Kwata na digiri ya jawo kuskuren kusan digiri huɗu, don haka dabarar ta fi kyau a allo, a aikace gara a auna ɗakin.

## Abin da ke cikin k, da iyakar dokar

A fannin fiziks ana rubuta k = hS/(mc), inda S ne faɗin fuskar da zafi ke fita ta ciki, m nauyin shayin, c zafin da ake buƙata don ɗaga giram ɗaya da digiri ɗaya, h kuma ƙarfin miƙa zafi ga iska. Ga ruwa, c kusan jul 4.18 ne, jul kuwa ma'aunin makamashi ne. Daga nan ake ganin dalilin da rabin kofi ya fi cikakke saurin hucewa, da dalilin da fanka ke ƙara k. Mai shayi da ke ɗaga kofi sama yana tsiyaya shayin cikin wani kofin, yana maimaitawa, S da h yake haɓakawa a lokaci guda, domin siririn layin shayin yana ratsa iska ta kowane gefe.

Dokar ta ɗauka cewa h ba ta canzawa, kuma a nan buɗaɗɗen kofi ke saɓa mata. Babban dalili shi ne tururi. Giram ɗaya na ruwa in ya tashi yana tafiya da kusan jul 2,300, alhali shayi giram 250 yana sauka digiri ɗaya ne da rasa kusan jul 1,045. Ke nan giram ɗaya na tururi ya isa ya rage fiye da digiri biyu. Tashin tururi kuwa ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba a digiri 85 fiye da a 50, kuma busasshiyar iska irin ta hunturu tana ƙara shi. Iskar da ke tashi a jikin kofin da kanta ma ta fi gudu in ratar tana da yawa. Ga kuma zafin da jiki ke fitarwa ta hanyar haskakawa, wanda ke bin dokar Stefan da Boltzmann ta 1879 da 1884 mai ninka cikakken zafi, wato zafin da aka ƙirga a ma'aunin Kelvin, da kansa sau huɗu. Tun a 1817 masana kimiyya Dulong da Petit a Faransa suka nuna cewa dokar Newton tana kaucewa in ratar ta yi girma. A mintunan farko kuma, kofin tangaran mai sanyi yana shanye wani zafin, abin da ikweshan ɗin bai san da shi ba.

Sakamakon duk wannan shi ne k da aka fitar daga farkon hucewa takan fi ta baya girma, hasashen ya riƙa nuna shayin ya fi sanyi fiye da yadda yake. Hanyar gwadawa ita ce awo na uku. In a minti 10 ma'aunin ya nuna 61 maimakon 58.75, k ta zango na biyu ita ce ln(45/36)/5, wato 0.0446, ƙasa da ta farko da kusan kashi 22 cikin ɗari. Mai awo da yawa zai iya zana ln(T − A) a kan lokaci: miƙaƙƙen layi yana nufin dokar ta riƙe, gangarensa kuma shi ne −k, layin da ya lanƙwasa ya kwanta kuwa yana nuna k tana raguwa. Rufe kofin da murfi, da bari ya yi minti biyu ko uku kafin awon farko, suna miƙar da layin sosai.