Saitin tsimin data da kunna bidiyo kai tsaye a manhajojin sada zumunta

Tsimin data, wanda ake gani a waya da sunan Data Saver, da kuma Autoplay, wato bidiyo ya kunna kansa ba a taɓa shi ba, saituna ne guda biyu da ke cikin manhajoji irin su YouTube da Facebook da TikTok. Mutane kan ɗauke su abu ɗaya, alhali aikinsu daban. Na farko yana rage datar da kowane minti na kallo yake ci. Na biyu kuwa shi ke sa a kashe data a kan bidiyon da mutum bai ma nemi gani ba.

Manhaja ba kwafi ɗaya na bidiyo take ajiyewa ba. Takan ajiye shi a matakai, kamar 144p da 360p da 720p da 1080p, kuma lambar tana nuna yawan layukan ɗigon da suka haɗa hoton daga sama zuwa ƙasa. Idan saiti yana kan Auto, manhajar ce ke auna ƙarfin sabis ta zaɓi matakin da zai tafi ba tsayawa. Shi ya sa mai zama a ƙauyen da sabis ke rawa yakan ga datarsa tana jimawa, amma ranar Alhamis da ya shiga kasuwar Maigatari ya samu 4G, sai ta ƙare kafin la'asar, ko da bai ƙara yawan kallo ba. Manhajar ce ta haura mataki da ta ga hanya ta buɗe.

Ana iya lissafa wannan. YouTube ya ba da shawarar gudun megabit 0.7 a daƙiƙa don 360p, da 2.5 don 720p. Megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya, don haka minti ɗaya na 360p ya kai kimanin megabait 5, na 720p kuma kusan 19. Ɗalibi a wani ƙauye na Ringim da ya sayi gigabait ɗaya don bin karatun lissafi zai samu kamar awa uku a 360p, amma a 720p ba zai cika awa ɗaya ba. Ainihin cin yakan sauya daga bidiyo zuwa bidiyo: malamin da ke zaune yana wa'azi bai kai wasan ƙwallo ci ba, domin hotonsa ba ya yawan motsi.

A YouTube ana samun saitin a Video quality preferences, a zaɓi Data saver. Abin da ake rasawa shi ne tsabtar hoto. Fuska da murya suna fita lafiya a ƙaramar waya, amma ƙananan rubutu a kan allo, ko sunan maganin feshi a jikin kwalba, sukan dushe. A irin wannan wuri ya fi dacewa a ɗaga ingancin wannan bidiyon kaɗai, a bar sauran a ƙasa.

Asarar Autoplay ta fi ɓoyuwa. Yayin da yatsa ke jan shafi, kowane bidiyo da ya bayyana yana fara sauka, kuma manhajojin gajerun bidiyo sukan fara sauke na gaba tun ana kallon na yanzu. Wanda aka tsallake bayan daƙiƙa biyu, an riga an biya kuɗin abin da ya sauka. A Facebook ana rufe wannan ƙofa a sashen Media da zaɓin Never autoplay videos. A TikTok kuwa kunna kai shi ne tsarin shafin gaba ɗaya, saboda haka Data Saver ne abin dogaro. WhatsApp nasa daban ne: a Storage and data ake cire alamar Videos ƙarƙashin When using mobile data, don kada bidiyon biki da ake turowa zauren dangi ya sauka da kansa.

Akwai kuma tarkon da ya fi shafar karkara, inda gida ɗaya kan raba data ta Hotspot ko ƙaramar na'urar MiFi. Wayar da ta jona takan ɗauki wannan a matsayin Wi-Fi, sai duk saitin da aka ce «a Wi-Fi kawai» ya saki jiki: bidiyo ya kunna kansa, inganci ya haura, alhali datar da gidan ya saya ce ake ci. A yawancin wayoyin Android maganinsa shi ne a buɗe bayanan wannan Wi-Fi ɗin a zaɓi Treat as metered, sannan a saita tsimin a cikin kowace manhaja. Data Saver na wayar kanta, wanda ya zo da Android 7.0 a 2016, babban aikinsa hana manhajoji jan data a bayan fage ne, ba ya maye gurbin na cikin manhaja. Mai son tabbatarwa ya duba App data usage kafin ya sauya saiti, ya sake dubawa bayan mako guda.