Ƙawata kullum sai ta fasa: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita mini

"Sau 3 ke nan muna sa rana da ƙawata, sai na gama shiri ta kira ta ce ba za ta samu zuwa ba. Laifi ne in na ji haushi?"

Ba laifi ba ne. Kin yi wanka, kin nemi mai zama da yara, kin ɗaga wani aikin saboda ita. Dole ki ji ciwo. Ku daina tambayata wannan, don Allah.

"Ba gara in yi kawaici in bar zancen ba?"

Na farko da na biyu, ki yi kawaici, haka zama da mutane yake. Amma ke da kike rubuto mini, ai kawaicin ya riga ya ƙare. Kina ce mata "ba komai, Allah Ya kai mu wani lokaci", sannan kina ajiye waya kina tsaki. Ita kuma ta ɗauki "ba komai" ɗin nan da gaske, tunda ke kika faɗa da bakinki. Nan gaba za ki fara jan ƙafa wajen amsa saƙonta, ta ga canji a fuskarki ba ta san dalili ba, zumuncin ya mutu ba wanda ya yi faɗa da wani.

"In ɗora habaici a sitatus, ai za ta gane da ita nake?"

Kada ki soma. Za ta gane, kuma sauran ƙawayenku ma za su gane, kin ga kin tona ta a gaban jama'a kan maganar da ba ki taɓa yi mata ita kaɗai ba.

"To yaya zan faɗa mata ba tare da ta ji kamar ina tuhumarta ba? Kullum uzurin da take kawowa mai ƙarfi ne."

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowa daidai.

Kafin ki buɗe baki, ki tuna yadda aka sa ranar. Ita ce ta ce ku haɗu, ko ke ce kika ce, ita kuma ta amsa da "to, in sha Allahu"? Mu Hausawa "a'a" tana yi mana nauyi a baki. Sau da yawa mutum yakan amsa don kunya, alhali tun a lokacin ya san da wuya ya samu zuwa. In haka ne, ba alkawari take karyawa a ganinta ba, ƙin yarda ne da ta kasa furtawa. Sannan akwai abin da mace ba ta cika faɗa ba ko ga aminiyarta: maigida ya ba da izini da safe ya janye da rana, kuɗin adaidaita ya gagara, ko laulayin ƙaramin ciki da ba ta so a sani tukuna. Ba na cewa lallai ɗaya daga cikin waɗannan ne. Mai yiwuwa sakaci ne kawai. Amma tunda ba ki sani ba, ki faɗi abin da kika sani, wato abin da ya faru da yadda kika ji, ki bar mata dalili ta kawo da kanta.

Ni abin ya faru da ni. Mun sa rana da wata ƙawata za mu shiga Kantin Kwari mu zaɓi ankon bikin ƙanwata. Na taso tun daga Hotoro, na tsaya a bakin kasuwa ƙarfe 11, rana na dukana, ina ta duba waya. Sai wajen 12 saƙonta ya shigo: "Yi haƙuri, baƙi na yi." Karo na 3 ke nan cikin wata 2. Ranar ban amsa da komai ba sai "to", domin na san in na yi magana a lokacin, baƙa zan faɗa. Bayan kwana 2 na je gidanta da la'asar, muka gaisa, na tambayi yara, na sha ruwa. Sai da yaran suka fita tsakar gida na ce:

"Ƙawata, akwai maganar da ke raina, kuma don ina ji da ke ne zan faɗa. Ranar Asabar da na tsaya a Kwari ina jiranki, wallahi na ji ciwo. Wannan ne na 3, sai na fara jin kamar ni kaɗai ce ke ɗokin haɗuwarmu. Ban ce haka ne a ranki ba, yadda na ji ne nake gaya miki. Ko akwai abin da ke faruwa da ban sani ba?"

Ki lura da abin da ban ce ba. Ban ce "kullum haka kike" ba, ban ce "ba ki da alkawari" ba. Da zarar kin ce "kullum", za ta tuno ranar da ta zo, sai ku koma gardamar lissafi, ciwon da kika zo faɗa ya ɓace a ciki. Na ambaci rana guda, da wuri guda, da adadin da na tabbatar.

Bayan tambayar sai ki yi shiru. Nan ne mafi yawanku kuke ɓata abin: shirun ya yi muku nauyi, sai ku yi sauri ku ce "ai ba komai ma, wasa nake". Ki bari ta yi magana. Tawa ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce uwar mijinta ce ta dawo gidan da zama, fita ta zama sai da dogon bayani, kuma kunyar faɗa mini take ji.

Daga ƙarshe ki roƙi abu guda wanda za ta iya. Ni na ce mata in ta ga ba tabbas, ta ce mini ba tabbas, in kuma za ta fasa, ta sanar da ni tun dare kafin in bar gida. Shi ke nan. Amma in ta girme ki sosai, wadda kike ce wa Yaya ko Anti, ki rage tsawon zancen, ki mai da shi roƙo: "Yaya, don Allah in ba za ki samu dama ba ki sanar da ni da wuri, ranar na daɗe a tsaye." Ban yi miki alkawarin za ta karɓa da daɗi ba. Wata sai ta kwana 2 tana ɗaure fuska kafin maganar ta zauna mata.

"Zan iya tuna mata hadisin da ya ce saɓa alkawari alamar munafuki ce?"

Hadisin ingantacce ne, amma ki karanta wa kanki. In kika karanta mata a wannan zaman, munafuka kika kira ta, kuma abin da za ta ji ke nan.

"Ta waya ko ido da ido?"

Ido da ido, ku biyu kawai. In nisa ya hana, ki kira ta. Rubutaccen saƙo ba ya ɗaukar murya, za ta karanta shi da fushin da ba ki sa a ciki ba.

"Mu maza fa? Abokina ne ke yi mini haka."

Duk ɗaya ne, malam. Sai dai kada ka yi a majalisa cikin raha, don a nan dariya za a yi a wuce. Ka raka shi bayan sallar isha'i ka faɗa masa a hanya.

"Na faɗa mata, ta ba ni haƙuri, kuma ta sake."

Kwantar da hankalinki, ba ki yi kuskure da kika faɗa ba. Kuma kada ki ƙulla gaba, kin san ba a yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3 ba. Ki ci gaba da gaisuwa, ki je mata suna da gaisuwar rashin lafiya. Abin da za ki canza shi ne irin ranar da kike sawa da ita. Ki gayyace ta inda ko ba ta zo ba za ki je, kamar gidan biki ko cefanen da dama za ki yi. Ki kira ta kafin ki ɗaura ɗankwali, in ta ce tana hanya ki fito, in ta fara kame-kame ki ce mata Allah Ya kai mu wani lokacin, ki tafi harkarki.