Sun dakata, sun tariyo baya: rubutun ne ya yi sauri ko sabis ne?

Malam, daƙiƙa nawa zan bar sabtaitil a kan allo?

Ƙirga haruffan, har da sarari da waƙafi, ka raba da daƙiƙun da rubutun ya yi a allo. Ƙa'idar Netflix ta Turanci ita ce kar a wuce haruffa 20 a daƙiƙa ga manya, 17 ga yara, kuma layi kar ya haura haruffa 42. Ni a bidiyon koyarwa na Hausa ba na wuce 14, don da yawa daga masu kallonmu a makarantar allo suka fara karatu, boko daga baya ya zo, ga shi a ƙaramar waya suke kallo. Wannan ra'ayina ne, ba doka ba.

Sai na ƙirga da hannu ke nan?

A'a. Manhajar Subtitle Edit kyauta ce, tana nuna adadin a gefen kowane layi, a ƙarƙashin CPS ko Chars/sec. Na faɗi wannan a wajen horaswa ya fi sau nawa, amma har yau akwai mai aiko min fayil bai buɗe ta ba.

YouTube yana nuna inda aka dakatar da bidiyo?

Ba ya nunawa. Zanen da ke YouTube Studio yana nuna yawan kallon da kowane sashe ya samu ne, tudu a inda aka maimaita, kwari a inda aka tsallake ko aka fita. Dakatarwa ba ta barin sawu a can. In bidiyon a shafinku yake, mai kula da shafin zai iya adana `pause`, `seeking` da `waiting` tare da `currentTime`.

Yaya, a bidiyona na koyar da ɗinki akwai tudu wajen minti biyu. Rubutuna ne ya yi sauri?

Wataƙila, ƙanwata, amma kar ki taɓa komai tukun. Fara da gano ainihin wurin, don nan kowa ke ɓata. Mai kallo a waya in abu ya wuce shi, sau biyu yake taɓa gefen hagu, bidiyon ya koma baya daƙiƙa 10. A ce ya taɓa a 2:18, ya faɗa 2:08, ya sake kallon duk abin da ke tsakani. To tudun zai fara daga 2:08, alhali abin da ya dame shi yana kusa da ƙarshen tudun. Masu duba farkon tudu kan je su gyara layin da ba shi da laifi. Sannan zanen gida ɗari ake raba bidiyo, wato in naki minti 10 ne, kowane ɗigo daƙiƙa 6 yake wakilta. Unguwa kawai yake nuna miki, gidan ke za ki nemo a fayil.

A ce kin buɗe fayil ɗin kin tarar da wannan:

```
31
00:02:14,000 --> 00:02:16,400
Ki auna ƙirji, ki ƙara inci 4,
sannan ki raba gida huɗu.
```

Haruffa 56 ke nan in an haɗa da sararin da ke tsakanin layukan, cikin daƙiƙa 2.4. Ya kama 23 da ɗoriya a daƙiƙa, ya wuce ko ƙa'idar Turawa. A kan 14 yana buƙatar daƙiƙa 4 cif. Kuma lura da lokacin: rubutun ya ɓace a 2:16, an tariyo a 2:18. Haka sawun rubutu mai sauri yake, mutum yana tsakiyar karatu layin ya ɓace, ya ɗan yi jim, sannan ya kai yatsa.

Duk da haka ban ce shi ne ba, don jimlar nan lissafi ce. Mai koyon ɗinki a Ƙofar Marusa tana iya karanta ta tsaf amma ta koma don ta rubuta a takarda, ko don idonta yana kan hannunki da tef lokacin da rubutun ya fito. Ido ɗaya ba ya aiki biyu. In hakan ne, ko kin ba layin daƙiƙa 6 tudun ba zai kwanta ba. Abin yi shi ne ki raba su, ki faɗi awon tukun sannan ki nuna.

Ga yadda nake rarrabewa, ko da yake ba kullum yake fita sarai ba. Nemo wasu layukan da suka haura 20 amma babu lamba a cikinsu, irin gaisuwa ko bayani. In su ma suna da ɗan tudu, sauri ne matsalar bidiyon gaba ɗaya. In nan kaɗai ne, nauyin maganar ne, ko kuma biyun sun haɗu. In kina da bayanan dakatarwa, duba ko an dakata rubutun yana allo ko bayan ya tafi. Wadda ta dakata yana nan, ta yi daƙiƙa biyu ko uku ta ci gaba, karatu take ƙarasawa. Wadda ta yi rabin minti, kwafa take yi ko hoton allon take ɗauka. Wadda ta yi minti goma kuwa an kira sallah ne ko tukunya ta kira ta, cire ta daga lissafi.

Gyaran kuma ba lalle sai ƙarin lokaci ba. In layi na gaba ya matso, rage kalmomi: "Ƙirji da ƙarin inci 4, a raba huɗu." Bayan haka ki ba mutum uku da ba su san bidiyon ba waya, ki zauna gefe ki kalli yatsunsu. Abin da za ki gani cikin minti biyar ya fi abin da zanen zai gaya miki.

Mutanenmu suna dakatarwa don bidiyo ya loda. Bai lalata lissafin ba?

Yana lalatawa in ba ka tace ba. Dakatarwar rashin sabis warwatse take, yawanci a farkon bidiyo ko daf da `waiting`, wato lokacin da bidiyo ya tsaya yana lodawa. Ta rubutu wuri ɗaya take taruwa. Abin da ya taru kake nema.

Rubutun da na manna a cikin hoton fa, kamar suna da lambar waya?

Wannan ya fi ɓata min rai. Edita ya karanta katin sau hamsin, ya haddace, sai ya ba shi daƙiƙa biyu ya ce ya isa. Karanta shi da baki, a natse, sau biyu, wannan ne tsawonsa. Kar kuma ka saka shi lokacin da sabtaitil ke faɗin wata magana dabam. Lambar waya kam dole za a dakata a kanta, ba laifi ba ne, ka dai ɗaga ta sama kar maɓallan da ke fitowa in an dakata su rufe ta.

Mutum arba'in suka kalla, zan iya yanke hukunci?

A'a. Mutum biyu masu maimaitawa sun isa su tayar da tudu, kuma mai yiwuwa ɗayansu kai ne.

To in bar kowane layi ya daɗe, in huta mana?

Haba dai. Layin da ya daɗe fiye da kima sake karanta shi ake yi, mutum ya zaci sabo ne, ya bar kallon hoton. Shi ya sa Netflix ta tsayar da daƙiƙa 7 a matsayin iyaka. In magana ta ƙare, ba layin ɗan ƙari kamar rabin daƙiƙa, ka ɗauke shi kafin hoto ya sauya.