Zaɓen Fim Don Kyan Hoto: Tambayoyin Da Ba Sa Ƙarewa

Wane fim ne ya fi kowanne kyan hoto?

Babu shi. Canza tambaya.

To sunan wa zan bi, jarumi ko darakta?

Na mai ɗaukar hoto. Shi ke tsara inda haske zai faɗi da inda za a bar duhu, amma mutane sai su haddace sunan jarumi su bar nasa. Idan fim ya burge idonka, tsaya har jerin sunayen ƙarshe, ka rubuta sunan da ke ƙarƙashin Director of Photography, ka nemi sauran ayyukansa. Wanda waƙoƙin Dil Se na 1998 suka kama wa ido, aikin Santosh Sivan ne ya kama shi. Mai son hamada da sararin sama ya duba Timbuktu na 2014, wanda Sofian El Fani ya ɗauka a ƙasar Muritaniya.

Sabon fim ai ya fi tsoho kyau, ko?

A'a. Ya fi shi tsabta dai, wani lokaci.

Ta yaya zan gane hoton fim mai kyau ne kafin in ƙona data a kansa?

Nan ne wurin da babu amsa guda, don haka a yi haƙuri. Tallan fim ba abin dogaro ba ne sosai, domin mafi kyawun hotuna ake tsintowa daga fim ɗin awa biyu a haɗa minti biyu. Abin da ya fi shi ne ka samo fitowa guda cikakkiya, ko da ta minti uku ce, ka kashe sauti ka kalla. In son samu ne, fitowar cikin ɗaki da dare, don rana tsaka a bakin teku kowa ma zai iya.

Sai ka tambayi kanka: daga ina hasken nan yake zuwa? Idan akwai taga ko fitila a gefe ɗaya, ɓangaren fuskar da ke kallonta ya yi haske, ɗayan ya nutse a inuwa, to an yi tunani. Idan kuwa fuska da bango da labule duk sun sha haske iri ɗaya kamar ɗakin karanta labarai, an kunna fitilu ne kawai. Ka kuma lura da fata, musamman baƙar fata: ta fito da sheƙinta, ko ta koma toka-toka?

Ɗauki Barry Lyndon na 1975, wanda John Alcott ya ɗauka wa Stanley Kubrick. Akwai fitowar teburin caca da kyandir ne ke haska su. Don kyamara ta iya gani, sai da aka ɗaura mata gilashin Zeiss mai buɗewa har f/0.7, irin wanda aka ƙera wa hukumar NASA. Gilashi in ya buɗe haka, ɗan siririn wuri ne kawai ke fitowa tar, saboda haka 'yan wasa ba su da halin yawan motsi. Shi ya sa za ka gan su a zaune cik kamar zane, fuskokinsu na ɗaukar launin harshen wuta, bayansu kuma ya narke a duhu.

Amma fa wannan awo ba ya aiki ko'ina. Wani darakta da gangan yake son haske shimfiɗaɗɗe ko kyamara mai rawa, kuma ya dace da labarinsa. Sannan fim na iya ba ka hotuna masu kyau ɗaya-ɗaya, ya gundure ka bayan rabin awa, domin kyan bai haɗu da abin da ke faruwa ba. Fitowa guda ba za ta nuna maka wannan ba, ko da yake takan rage asara.

An yaba wani fim, na sauke shi, duhu kawai nake gani da dabbare-dabbare.

Kada ka zargi idonka, kuma kada ka zargi fim ɗin. Kwafin megabayit 300 ka sauke. In aka matse fim haka, inuwa ce ke fara lalacewa, sai ta riƙa fitowa layi-layi ko murabba'i-murabba'i. Nemi 1080p daga halastacciyar kafa, ka kashe fitilar ɗaki.

Baƙin layin sama da ƙasa yana damuna, in cika allo?

Don Allah a daina. Da faɗinsa aka tsara hoton, ka cika allo ka yanke gefe biyu, wani lokaci har da mutumin da ke magana.

Me ya sa fim a sabuwar talabijin ɗina yake kama da wasan kwaikwayon gidan talabijin?

An fi ɗaukar fim da hoto 24 a daƙiƙa, ita kuwa talabijin tana ƙirƙiro wasu ta cusa a tsakani. Shiga saitin hoto ka kashe TruMotion a LG, Motionflow a Sony, ko Picture Clarity a Samsung, wanda a tsofaffin samfura ake kira Auto Motion Plus. In akwai Filmmaker Mode, zaɓe shi. Da farko launin zai yi maka kamar ya ɗan yi rawaya. Bar shi haka kwana biyu kafin ka taɓa komai.